Ciro lambobi daga gurbi mai tarkace: wace hanya ta dace da aikinka?

A ce gurbin A2 yana ɗauke da "Buhu 3 shinkafa ₦45,500.50", kuma layuka ɗari biyar duk haka suke. Kafin ka zaɓi hanya, ko ka biya kuɗin sabon Excel, fara tantance abin da kake nema: duk lambobin ne, ko kuɗin kaɗai?

Mafi sauƙi ita ce Flash Fill, wadda ke cikin Excel tun na 2013. Ka rubuta amsar layin farko da hannu a B2, ka danna Ctrl+E, sauran su cika. Sai dai kintace take yi. Idan wani layin ya fara da kuɗi maimakon adadin buhu, tana iya ɗauko kuskure ba tare da gargaɗi ba, kuma in ka gyara A2 amsar ba ta sauyawa. Aikin sau ɗaya kawai ta dace da shi.

Mai Excel 2021 ko Microsoft 365 yana da wannan fomula:

```
=TEXTJOIN("",TRUE,IFERROR(MID(A2,SEQUENCE(LEN(A2)),1)*1,""))
```

Tana bin rubutun harafi-harafi, tana ninka kowanne da 1, wanda ba lamba ba ta yar da shi. A Excel 2019 ba za ta yi ba, don babu SEQUENCE a cikinsa.

Google Sheets kyauta ne, kuma tasa ta fi gajarta:

```
=REGEXREPLACE(A2&"","[^0-9]","")
```

Dukansu biyun 34550050 za su ba ka. Adadin buhun ya manne da kuɗin, ɗigon kwabo ya ɓace, naira dubu arba'in da biyar ta koma sama da miliyan talatin da huɗu. Ba fomular ce ta lalace ba, abin da ka sa ta ke nan. Don haka idan kuɗi kake so, sa ta kamo abin da ke bin alamar naira. A Sheets:

```
=VALUE(SUBSTITUTE(REGEXEXTRACT(A2,"₦([0-9,.]+)"),",",""))
```

Amsar 45500.5 ce, kuma SUM zai tara ta. Layin da aka rubuta N a wurin ₦ zai nuna #N/A, wanda ya fi alheri, domin ka ga inda gyara yake. Wanda kwamfutarsa ke kan tsarin Faransanci, kamar da yawa a Nijar, waƙafi ne alamar ɓangaren lamba a wurinsa, kuma da alamar ; yake raba sassan fomula, sai ya daidaita.

Lambar waya ko ta asusun banki kuwa, kada ka sa mata VALUE. Sifilin farko na 0803 zai faɗi, kuma Excel ba ya riƙe lamba fiye da 15 daidai, sauran sifili yake mayar da su. Bar su a matsayin rubutu.

Ga mai lissafin kuɗin da ke shigowa kowane mako, ta ƙarshen ce zaɓinmu. Jera amsoshin daga babba zuwa ƙarami kafin ka tara, domin lambar da ta manne da wata a sama za ta fito.