"Saura biyu" ta ƙarya da dalilin gaske na saye yanzu

"Ina sai da shadda a WhatsApp, kwastoma za ta tambayi kuɗi ta ce zan miki magana, shikenan shiru. Ƙawata ta ce in dinga cewa saura biyu, ni kuma raina bai kwanta ba. Ya zan yi su saya da wuri ban yi ƙarya ba?"

'Yar'uwa gaskiyar ranki ne. Bari in jera miki su biyun a kan kaya ɗaya, a ce kina da shadda turmi 12 kina bayarwa 32,000, saura wata ɗaya Sallah.

Hanyar ƙawarki: kin ce saura biyu, gobe kuɗin zai tashi. Wataƙila mutum ɗaya ta tsorata ta turo kuɗi, amma sauran fa suna kallon status ɗinki, bayan sati su ga kalar nan dai tana nan a 32,000, kuma mata suna tura wa juna hoton hira, daga nan ko ranar da kayan suka kusa ƙarewa da gaske ba mai yarda. Wadda ta saya a firgice ma ita ce ke dawowa da "kalar ba ta min ba". Ga hadisin da ke cewa rantsuwa tana sa haja ta shige amma tana goge albarka, to wallahi saura biyu tana ciki in ƙarya ce.

Ɗaya hanyar, dalilin daga wajen ita kwastomar yake fitowa. Teloli suna daina karɓar ɗinki in Sallah ta matso, kowa ya sani, in kuma a wani gari take sai an kai tasha mota ta cika kaya su isa. Sai ki ce: "Hajiya in na Sallah ne ki tambayi telanki ranar da zai rufe karɓa, ni Talata da Asabar nake kai saƙo tasha, in ya wuce Asabar sai wata Talatar." Kin ba ta abin da za ta iya bincikawa da kanta.

Haka farashi, in kin je Kantin Kwari kin tarar sari ya tashi, ki faɗa yadda yake: waɗannan 12 ɗin tsohon sari ne, sabon zai zo 35,000. Adadi ma ki faɗi na gaskiya, ruwan toka saura 3, fari akwai da yawa.

Abin da zai nuna miki wacce kike ciki, ranar da kika sa in ta wuce me zai faru? In kin ce ragi zai ƙare Juma'a to Asabar ki koma cikakken kuɗi ko da 'yar ɗakinku ce ta roƙa. In kuma ba Sallah ba biki, sari bai motsa ba, kada ki ƙirƙiro komai, ki ce za ki ajiye mata zuwa jibi da yamma in ta ba da kafin alƙalami, lokacin na cika ki tuna mata sau ɗaya sannan ki mayar da shi status.