Hannun jarin naira 2 ko na babban kamfani: wanne ya fi cin kuɗi?

"Jama'a ina da dubu 500, in zuba a kamfanin sadarwa mai tsada ko wani ƙarami na naira 2? An ce ƙaramin ya fi saurin tashi."

Ɗan'uwa buɗe manhajar dillalinka ka duba lambobi biyu. Bid shi ne mafi tsadar farashin da wani ya taya, Offer ko Ask kuma mafi arahar da mai kaya ya yarda ya sallama. Kai a Offer za ka saya, a Bid za ka sayar, to tazarar da ke tsakani daga aljihunka take fita tun kafin farashi ya motsa.

A ce babban yana Bid 249.50, Offer 250. Kuɗinka ya sayi guda 2,000, ko a take ka sayar naira dubu ɗaya ce ta tafi, ban da kamashon dillali. Dalili kuwa masu saye da sayarwa sun yi yawa, kowa na ƙoƙarin shan gaban wani, sai tazarar ta matse. Ni irinsa nake riƙewa, wallahi lokacin da kuɗin makarantar yara ya taso ina zaune a shago a Kasuwar Barci na sa a sayar, kafin in kai wayar aljihu ciniki ya faɗa a farashin da na gani.

Ƙaramin kuma a ce Bid 1.80, Offer 2.00, kwabo 20 kamar ba komai amma kashi 10 cikin ɗari ne. Ka samu guda 250,000, sai ranar fita ka tarar mai tayin 1.80 guda 50,000 kawai yake so, na bayansa 100,000 a 1.75, wani 100,000 a 1.72, ka haɗa duka 437,000 ke nan, dubu 63 ta salwanta alhali kamfanin bai yi komai ba. Wanda ya saya a hannunka ya san shi ma zai iya daɗewa bai ga mai saye ba, shi ya sa yake tayawa ƙasa. Wata rana ma gefen Bid wayam. Ƙaramin yana tashi kam wani lokaci, amma ribar allo ba ta shiga asusu sai an samu mai karɓa.

Ka yi hattara da masu guruf na WhatsApp da ke cewa "ku shiga yanzu kafin ya tashi". Inda ciniki ya yi ƙaranci kuɗi kaɗan ke ɗaga farashi, su sun riga sun saya, ku suke jira su sauke wa kaya. Dillali ma ka tabbatar yana da rajistar SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari.

Ɗauki babban. In ranka ya nace wa ƙaramin, duba Volume, wato yawan hannun jarin da aka yi cinikinsu, na makonni ba na rana ɗaya ba, ka zuba kaɗan, kuma da Limit order, kai ka yanka farashinka ka jira.