Wa zai riƙe maka kayan aiki kafin ka fara tace bidiyo: manhaja, intanet, ko faifai na gaske?

Duk wanda ya taɓa ɗaukar biki na kwana uku ya san foldar da nake nufi. Kyamara biyu, jirgi marar matuƙi, rikodar sauti da aka jona a jikin na'urar mai kiɗa, ga kuma 'yan uwan amarya kowa yana turo nasa ta WhatsApp yana cewa don Allah a saka. An zube komai wuri guda an sa masa suna New Folder. Kafin ka buɗe manhajar tacewa dole ka zaɓi inda tsarin kayan nan zai zauna, kuma zaɓin yana cin kuɗi. Ni dai ina da gwanina, ba zan ɓoye ba: faifan SSD na waje mai tera ɗaya, da foldoji da ka tsara da hannunka, da sunayen fayil masu ɗauke da kwanan wata.

Bari in fara sallamar sauran. Barin kaya a waya a dogara da CapCut ya yi wa mai bidiyon minti ɗaya, amma ba aikin biki ba. Google Drive giga 15 yake bayarwa kyauta, abin da bai kai minti ashirin da biyar na 4K ba, ko ka sayi ƙarin wuri kuma data da jira za su gama da kai. Filash na aike ne, a sa wa mai biki aikinsa a miƙa masa. Adobe Bridge kyauta ne kuma yana da kyau wajen duba hotuna da sauya sunaye da yawa lokaci guda, sai dai mataimaki ne, ba ma'ajiya ba.

Abokin hamayya na gaske shi ne tsarawa a cikin manhajar tacewar kanta, wato abin da Premiere Pro da DaVinci Resolve suke kira Bin. Mutane da yawa nan suke tsayawa, suna ganin sun gama. Matsalar ita ce tsarin yana cikin fayil ɗin aikin ne kawai, faifan kuwa yana nan a hargitse yadda yake. Ranar da ka ba wani edita kayan, ko ka koma wata manhajar, ko fayil ɗin aikin ya ƙi buɗewa, ka dawo farko. In kuma daga baya ka ce bari ka gyara foldojin, ka motsa fayil ko ka sauya masa suna, sai jan allon nan na Media Offline ya tarbe ka. Shi ya sa gyaran yake zuwa kafin a shigar da komai cikin manhaja. In faifan ya tsaru, jawo foldojin kawai za ka yi, su zama Bin da kansu.

Yanzu lissafin girma, don shi zai gaya maka abin da za ka saya. Kyamarar da ke ɗaukar 4K a kan 100 Mbps tana cin kusan giga 45 a awa. A ce babbar kyamara ta yi awa shida tsakanin kamu da ɗaurin aure da dina, giga 270 ke nan. Ta biyu tana kan 50 Mbps, ta yi awa huɗu, giga 90. Jirgi ya kawo 20, hotuna 40, sauti kuwa ba shi da nauyi, WAV mai 48 kHz da 24-bit wajen giga ɗaya yake ci a awa. Ka doshi 430 tun ba ka fitar da komai ba. Faifan da aka rubuta wa 500GB kuwa 465 Windows zai nuna maka, saboda kamfani da kwamfuta ba iri ɗaya suke ƙirga giga ba. Ina za ka sa fayilolin da manhaja ke ƙirƙira, da aikin da ka fitar, da gyaran da uwar amarya za ta nema? Tera ɗaya, wanda zai nuna 931, shi ne mafi ƙanƙantar abin da nake ba mai wannan sana'a shawarar ya saya.

HDD ya fi arha nesa ba kusa ba, kuma yana da gurbinsa. Gudunsa bai cika wuce mega 100 zuwa 130 a daƙiƙa ba, don haka kwafe giga 430 zai ci maka wajen awa guda, SSD mai mega 500 kuwa kwata ɗin awa ya ishe shi in katin da kebul ɗin ba su ja shi baya ba. Abin da ya fi damuna da HDD shi ne a cikinsa akwai faranti mai juyawa da allura. Faɗuwa ɗaya daga tebur yana cikin aiki tana iya kashe shi, mu kuwa kullum kayanmu a jaka suke a bayan babur. Saboda haka HDD ya zauna a gida ya riƙe kwafin ajiya, SSD ya yi yawon aiki. In kana aiki tsakanin Windows da Mac ka yi masa fomat na exFAT. FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, huɗubar ɗaurin aure kaɗai za ta iya fin haka.

Ga yadda nake jera foldar biki:

```
20240615_Biki
  01_KyamaraA
  02_KyamaraB
  03_Jirgi
  04_Sauti
  05_Hotuna
  06_Wayoyi
  07_Aiki
  08_Fitarwa
```

Na'ura ce ke raba foldojin, ba sunan taro ba, kuma da dalili. Kyamarorin Sony guda biyu kowacce za ta iya ba ka C0001.MP4, in an goge kati ma lambar na iya komawa farko washegari. Ka zuba su folda ɗaya, kwamfuta ta tambaye ka ko a maye gurbi, kana cikin gajiya ka danna Replace, shigowar ango ta tafi ke nan. Kowane kati ana kwafe shi ɗungurungum zuwa HDD, har da ƙananan fayilolin XML da kake ganin ba su da amfani, ba a taɓa komai a ciki. Kwafin da ke kan SSD shi ake sauya wa suna. TeraCopy yana da zaɓin Verify da ke gwada kwafin da na asali, ka kunna shi, kuma kada a goge kati sai kayan sun zauna wuri biyu.

Wajen sauya suna, ExifTool nake so. Kyauta ne, yana karanta ranar da lokacin da kyamara ta rubuta a cikin fayil ya ɗora su a gaban tsohon sunan:

```
exiftool "-TestName<CreateDate" -d "%Y%m%d_%H%M%S_A_%%f.%%e" 01_KyamaraA
```

TestName nuna maka kawai yake yi ba tare da ya taɓa komai ba. In ka ga daidai ne sai ka sa FileName a madadinsa, C0001.MP4 ya koma 20240615_143012_A_C0001.MP4. Daga nan duk inda ka jera fayiloli da suna, sun jeru yadda bikin ya gudana, kuma tsohon sunan yana nan in ka buƙaci nemo na asali a HDD. Abu biyu ke ɓata wannan. In agogon kyamara ba daidai yake ba, sunayen ma ba za su yi daidai ba, don haka a saita agogunan duka kafin a fita. Sannan bidiyon waya yakan zo da lokacin UTC, sai ka ga ya ja baya da awa ɗaya daga lokacin Najeriya da Nijar, a nan sai ka ƙara -api QuickTimeUTC a umarnin. Na WhatsApp kuwa, irin VID-20240617-WA0003.mp4, ranar da ke jikinsa ranar da aka turo ne, kuma an riga an matse shi. Ka roƙi mai shi ya sake turowa a matsayin Document, ko ya zo da wayar a jona kebul.

Duk wannan wahala banza ce in faifan na jabu ne, kuma a nan nake so ka ba ni hankalinka. An taɓa sayar mini da wani a kwali mai kyau, da tambarin sanannen kamfani, an rubuta 2TB. Kwamfuta ma 2TB ta nuna. Foldoji sun shiga, sunaye sun fito, girman kowane fayil daidai. Sai da aka zo buɗe bidiyon dina aka tarar babu komai a ciki, mai biki kuma yana jira. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don ba kuɗin faifan ne asarar ba, amanar mutane ce.

Yadda suke yi shi ne su ɗauki ƙaramin memori, wataƙila mai giga 32 ko 64, su sauya bayanin da yake ba kwamfuta ya riƙa cewa shi tera biyu ne. Abin da ka fara zubawa zai buɗe lafiya, shi ya sa gwajin da ake yi a shago da waƙa biyu da hoto ɗaya ba ya kama su. Da ka wuce ainihin girmansa, sabon kaya ko dai ya hau kan tsoho ya shafe shi, ko ya tafi iska, jerin sunaye kuwa yana nan kamar rumbun da aka rufe da kyau alhali gara ta cinye hatsin. Wasu in ka fasa murfin, katin memori ne irin na waya aka manna da gam, aka haɗa da guntun ƙarfe don ya yi nauyi a hannu. Katunan kyamara ma ana yi musu haka, har da masu tambarin gudu na V30 na ƙarya, waɗanda kyamara za ta riƙa tsayar da ɗauka a kansu ana tsaka da taro.

Alamar farko farashi ce. In an ce maka tera biyu a kuɗin da ko 256GB na gaske ba zai saya ba, ajiye musu. Ta biyu gudu: SSD na gaske ba ya kwafe babban fayil a mega 10 ko 20 a daƙiƙa tun daga farko, in dai a ramin USB 3 ka jona shi. Amma hujjar da ba ta da musu ita ce H2testw a Windows, ko f3write da f3read a Mac da Linux. Suna cika faifan da bayanai har bakinsa, sannan su karanta su gani ko abin da suka zuba ya dawo. Ka yi gwajin faifan babu komai a ciki, a H2testw ka zaɓi all available space, kada ka gajarta. Mai kyau zai ce Test finished without errors. Na jabu zai ce The media is likely to be defective, ya kuma nuna maka giga nawa ne na gaske. A kan HDD mai tera ɗaya gwajin na iya cin awa biyar ko shida, don haka ka yi shi a laftof mai caji ko inda ba za a ɗauke wuta ba.

Tun a wurin ciniki ka faɗa wa mai shago cewa za ka je ka gwada, in ya faɗi za ka dawo da shi, ya rubuta maka hakan a rasit tare da lambar da ke jikin faifan. Lambar nan ka duba ta yi daidai da ta kwali. Mai kayan gaske ba ya jin tsoron wannan sharaɗi. Wanda ya fara cewa kaya in ya fita ba ya dawowa, ko ya ce ai ga shi kwamfuta ta nuna 2TB me kuma kake nema, ka karɓi kuɗinka ka shiga shago na gaba.