Wace Manhaja Ce Za Ta Gyara Maka Manya da Ƙananan Baƙaƙe a Sunaye? Gwada Ta da Sa'adu Tukuna

Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar sunaye ya san wannan ciwon kai. Wani magatakarda ya shigar da komai da manyan baƙaƙe, wani ya zuba nasa da ƙanana, wani kuma ya yi dambu. Lokacin buga takardun shaida ya zo, ana son sunayen su fito da fuska ɗaya. Kayan aikin wannan gyara suna da yawa, kuma kowannensu zai mai da MUSA ya zama Musa. Abin da ke raba su shi ne yadda suke yi da sunan da bai bi doka ba, don haka kafin ka zaɓi ko ɗaya, tanadi sunaye masu wuya na gwaji. Nawa su ne: `SA'ADU`, `O'BRIEN`, `MCDONALD`, `MACRON`, `VINCENT VAN GOGH`, `ƊANLADI`, `ELIZABETH II` da `UNICEF`.

Mafi kusa da hannu ita ce fomular `PROPER` da ke cikin Excel da Google Sheets. Dokarta ɗaya ce tak: harafin farko, da duk harafin da ya biyo bayan wani abu da ba harafi ba, ya zama babba, sauran kuma ƙanana. Haka `INITCAP` ke yi a PostgreSQL, kusan haka kuma `title()` ke yi a Python, saboda haka laifinsu iri ɗaya ne. O'Brien zai fito daidai, domin alamar da ke tsakiya ta sa an ɗauki B a matsayin farkon sabuwar kalma. Amma wannan alamar ce muke rubuta alhamza da ita, sai Sa'adu ya koma Sa'Adu, Isma'il ya koma Isma'Il, Mas'ud ya koma Mas'Ud. Wannan ya fi komai damuna, domin ɓarnar ba ta yin ƙara. Mai dubawa zai ga layi ɗari sun yi kyau, ya amince, sai an miƙa wa mai suna takardarsa sannan a gani. A sauran gwajin ma ba ta tsira ba: za ta ba ka Mcdonald, Elizabeth Ii da Unicef.

A Python akwai wata 'yar'uwar `title()`, wato `capwords`, da ke raba kalmomi ta hanyar tazara kawai, kuma tana juya matsalar ne baya:

```python
import string
"SA'ADU".title()            # Sa'Adu
string.capwords("SA'ADU")   # Sa'adu
string.capwords("O'BRIEN")  # O'brien
```

Idan rajistarka ta fi yawan sunaye masu alhamza, `capwords` ta fi maka, sai ka ware O' a matsayin togaciya. Ka sani dai ba ta kula da karan ɗori, za ta bar rabi na biyu na suna kamar Jean-Paul da ƙaramin baƙi.

Mai son zama cikin Excel yana da dabara guda da nake ganin ta fi kowace rage asara. Sunan da ya zo da gaurayen baƙaƙe, kamar McDonald ko DeVito, galibi mai shi ne ya rubuta shi yadda yake so. Kada ka taɓa shi. Gyara kawai waɗanda suka zo duka manya ko duka ƙanana:

```
=IF(OR(EXACT(A2,UPPER(A2)),EXACT(A2,LOWER(A2))),PROPER(A2),A2)
```

Daga nan sai a bi da `SUBSTITUTE` a mayar da togaciya ɗaya bayan ɗaya. A nan tsarin jerawa yana da haɗari: idan ka fara mai da Ii zuwa II kafin ka gyara Iii, George Iii zai zama George IIi. Fara da mafi tsawo. Togaciya goma za a iya jure su a haka. Idan sun kai hamsin, fomular ta zama igiyar da ba mai iya warwarewa, lokacin sauya kayan aiki ya yi.

Mataki na gaba shi ne kayan da aka ƙera musamman don sunayen mutane, irin su `nameparser` a Python da `Lingua::EN::NameCase` a Perl. Waɗannan sun zo da jerin ƙananan kalmomin da ke shiga tsakiyar suna, su van, von, de, bin, kuma sun san lambobin Romawa na bayan suna. `nameparser` ma da kanta take ƙyale suna mai gaurayen baƙaƙe, sai idan ka tilasta mata da `force=True`. Ribarsu kenan. Amma an gina su ne da sunayen Turawa a zuciya, don haka gwajin Sa'adu yana nan daram. Shi kuwa Macron na sa shi a jerin ne don ya kama dokar Mac: manhajar da ke ɗaga harafin da ya biyo bayan kowane Mac za ta ba ka MacRon da MacHado.

Su waɗannan ƙananan kalmomi ba wata doka da za ta gama da su, kuma ya kamata ka san haka kafin ka ɗora wa manhaja laifi. Ana rubuta Vincent van Gogh da ƙaramin v, amma idan sunan dangin ya tsaya shi kaɗai a rubutun Holanci, sai ya zama Van Gogh. Martin Van Buren, shugaban Amurka na takwas, da babban V ake rubuta shi. Charles de Gaulle ƙarami, Robert De Niro babba. Mu ma muna rubuta Usman ɗan Fodiyo da ƙaramin ɗ, alhali Ɗanladi suna ne cikakke mai babban baƙi. Da zarar an mai da suna duka manya, bayanin da zai raba waɗannan ya ɓace, sai dai a koma ga tsohuwar takarda ko a tambayi mai sunan.

Sunayen hukumomi da kanun rubuce-rubuce wani aiki ne daban, kada ka haɗa su da na mutane a bugu ɗaya. A nan abin buƙata shi ne jerin taƙaitattun sunaye da za a kare, kamar UNICEF, NATO da PhD mai gaurayen baƙaƙe. Tarkon yana wajen waɗanda suka yi kama da kalmomi: a kanun Turanci da aka rubuta duka da manya, manhaja ba ta da hanyar sanin ko WHO hukumar lafiya ta duniya ce ko kalmar tambaya. Don irin wannan aiki OpenRefine nake ba da shawara. Kyauta ce, kuma sashenta na `Cluster` yana tattara rubutun da suka bambanta a baƙaƙe ko alamomi kawai, ya nuna maka sau nawa kowanne ya fito, kai ka zaɓi na daidai. Tana da amfani sosai inda suna ɗaya ya maimaitu sau ɗari uku, ba ta da wani tasiri inda kowane layi sunan mutum daban ne.

Ɗanladi kuma yana gwada ko manhajar ta san Unicode, tsarin da ya tattara baƙaƙen harsunan duniya. Python ta san cewa babban ɗ shi ne Ɗ, haka ƙ da Ƙ, ɓ da Ɓ. Amma `upper()` da `lower()` na SQLite, in ba a ƙara musu komai ba, baƙaƙen ASCII kawai suke juyawa, wato na Turanci daga A zuwa Z, sai ka ga ɗANLADI.

To, ga yadda zan zaɓa. Layi ɗari biyu ko uku, sau ɗaya: fomular Excel mai sharaɗi, sannan a bi da ido. Sunayen hukumomi masu maimaituwa: OpenRefine. Rajistar da ake ƙara wa sunaye kullum: ɗan gajeren furogiram tare da fayil na togaciya da kowa a ofis zai iya ƙara wa. Ko wanne ka ɗauka, bar asalin sunayen a layinsu na tsaye, zuba gyararrun a gefe, sannan ka tace waɗanda ke da alhamza, karan ɗori, Mc ko Mac, ko wata kalma mai harafi uku zuwa ƙasa. Su za ka karanta ɗaya bayan ɗaya kafin ka goge tsohon layin.