Ɓoye amsa ko faɗin alkawari: wanne ya fi riƙe mutum a sakan 30 na farko

"Dan Allah 'yan'uwa a taimaka, ina yin bidiyon kiwon kaji a YouTube amma mutane guduwa suke tun a farko. Wani ya ce in rinƙa ɓoye amsa ina cewa a tsaya har ƙarshe, wani kuma ya ce in faɗi komai tun farko. Wanne ya fi?"

Ɗan'uwa ni dai a irin bidiyonka na koyarwa ina bayan na biyun, amma da gyara, don ba komai ake zazzagewa a farko ba. Abin da ake faɗa shi ne me mutum zai samu, a nuna masa shaida da ido cewa akwai shi, sai a riƙe yadda ake yi a rinƙa sakar masa kaɗan kaɗan. Tunda kaji kake yi bari mu ɗauki bidiyo ɗaya mu rubuta masa farko iri biyu ka gani da kanka. A ce taitil ɗin shi ne "Dalilin da 'yan tsaki ke mutuwa a satin farko", hoton gaban bidiyon kuma 'yan tsaki ne sun cunkushe a ƙarƙashin kwan lantarki, tsawonsa minti 8.

Ga na mai ɓoyewa, kuma na san ka sha jin irinsa:

"Assalamu alaikum warahmatullah masu kallonmu barkanmu da sake saduwa a wannan tasha tamu mai albarka, da fatan kuna lafiya. Kafin mu fara duk wanda bai yi sabsikiraib ba ya danna ya kuma danna ƙararrawa. Yau mun zo muku da wani sirri wanda masu kiwo da yawa ba su sani ba, wallahi zai ba ku mamaki, ku dai ku tsaya har ƙarshe kar ku tsallake."

Ga na mai alkawari:

"Kalli waɗannan 'yan tsakin, sun hau kan juna a ƙarƙashin wuta, sanyi suke ji, kuma idan aka kwana a haka na ƙasa ne ake tsinta a mace da safe. Assalamu alaikum. A bidiyon nan zan nuna maka yanayi uku da tsaki ke kwanciya, da me kowanne ke nufi, yadda ko ba ka da ma'aunin zafi kana leƙa ɗakin za ka gane a ƙara wuta ko a rage. Mu fara da wannan na gabanmu."

Ka karanta su da ƙarfi kana duba agogon waya, kowanne bai wuce sakan 30 ba, kalma sittin da wani abu zuwa saba'in da 'yan kai ce, kuma iya jarin da kake da shi ke nan, shi ya sa ba a ɓarnatar da shi. To duba yadda kowanne ya kashe nasa. Na farko har ya gama bai ambaci tsaki ba ko sau ɗaya, za ka iya yanke shi ka manna a gaban bidiyon girki ko na gyaran waya ba wanda zai gane. Alhali mutumin da ya danno ka taitil ya gani na mutuwar tsaki, wataƙila ma yanzu haka nasa ne ke mutuwa ya shigo a rikice yana ƙona datarsa, abin da yake son tabbatarwa kafin komai shi ne nan ne wajen ko ba nan ba. Na biyun a jimlar farko ya amsa masa wannan, hoton da ya gani a waje shi ya tarar a ciki, kuma kafin sakan 10 har ya koyi abu ɗaya na gaske, cewa cunkushewa a ƙarƙashin wuta sanyi ne.

Sai maganar alkawarin kansa, wanda a wajena nan ne bambancin ya fi girma. "Sirrin da zai ba ku mamaki" ba shi da awo, mai kallo ba shi da hanyar da zai san an biya shi ko ba a biya shi ba, don haka ba shi da dalilin jira, kuma an yi ta yi masa irin wannan ana kai shi ƙarshe ya tarar ba komai. Amma "yanayi uku, ka gane ko ba ma'aunin zafi" abu ne mai ƙirguwa, an ba shi ɗaya saura biyu, kuma ya san me zai iya yi da hannunsa idan ya gama kallo. Kamar mai tsire ne da ya yanko maka ɗanɗano, ka riga ka ji naman a bakinka, ba cewa ya yi ka biya tukun ka ga abin da ke cikin takarda ba. Kuma ka lura na biyun ma ya ɓoye wani abu ai, bai faɗi sauran biyun ba, bai faɗi digiri nawa ba, bai faɗi yadda ake gyarawa ba. Wato shi ma yana jan rai, sai dai mutum ya san me yake jira.

Sallama kuma kar wani ya ce maka ka cire ta, mu ba ma shiga waje ba sallama kuma masu kallonka za su ji wani iri. Sakan biyu take ci. Abin da ke cinye lokaci shi ne jerin gaisuwar da ke biyo bayanta da logo mai juyawa da kiɗa da roƙon sabsikiraib. Ko ka buɗe da ita ko ka sa ta bayan jimlar farko duk daidai ne, roƙon kuwa ka kai shi bayan ka ba mutum abu na farko mai amfani, lokacin yana da dalilin dannawa.

Yanzu inda na biyun ke da nasa haɗarin, don ba wai shi ba ya faɗuwa ba ne. Duk abin da ka yi alkawari ya zama bashi, kuma masu yin sa da yawa suna buɗewa da kyau sai daga sakan 31 su koma tarihin yadda suka fara kiwo na minti biyu. Wannan ya fi ɓoyewar ma ciwo. Shi ya sa ake fara rubuta cikin bidiyon, farkon a rubuta shi daga ƙarshe. A namu misalin ka zauna ka jera abin da kake da shi a hannu da gaske: cunkushewa a ƙarƙashin wuta sanyi ne, in sun gudu sun manne da bango suna haki baki buɗe zafi ya yi yawa, in duk sun tattaru a gefe guda to iska ce ke shigowa ta wata kafa, in kuma sun bazu ko'ina suna ci suna sha to lafiya lau. Sai adadi, satin farko wajen digiri 32 zuwa 35 a daidai tsayin tsakin ba a saman ɗaki ba, ana rage kamar digiri 3 duk sati. Sai gyara, ɗaga kwan ko sauke shi, rage gawayi, toshe kafar iska amma a bar inda hayaƙi zai fita. Da ka ga wannan a takarda alkawarin da kansa zai fito, kuma ba za ka ce "tsakinka ba zai ƙara mutuwa ba" tunda ka san akwai ciwo akwai rashin ingancin tsakin tun daga inda aka ƙyanƙyashe shi, bidiyonka bai taɓo su ba. Ka yi alkawarin iya abin da ka ɗauka a kamara.

Sannan ka raba biyan. Na sanyi ya fara nan take a sakan 30 ya ƙare wajen minti 2 har da gyaransa, na zafi ya biyo, na iska ka ajiye shi na uku don shi ne mutane suka fi rikitawa da sanyi, kana iya ma faɗin haka a tsakiya, "na ukun nan shi ne ake ƙara wa wuta alhali ba wuta ce matsalar ba", ka ga ka sake ɗaura wani ƙaramin alkawarin da zai kai mutum minti 6.

To yaushe ɓoyewa ke aiki? Idan sakamakon shi ne labarin. Misali ka raba kaji gida biyu ka ba su abinci iri biyu za ka auna su a sati 6, nan kam in ka faɗi wanda ya ci a farko ka kashe bidiyon. Amma ko a nan sai ka faɗi me ake gwadawa, ka nuna kajin da sikelin, wanda ya yi nasara kawai za ka riƙe. Kuma duk wannan lissafin na dogon bidiyo ne, a Shorts da TikTok ba ka da sakan 30, jimlar farkon nan ita ce komai.

Kar ka tsaya kan maganata ko ta waɗanda suka ba ka shawara, tasharka za ta raba gardamar. Shiga YouTube Studio ka zaɓi bidiyon, ka shiga Analytics sannan Engagement, za ka ga Key moments for audience retention. A ciki akwai Intro, shi ne kason mutanen da suke nan har bayan sakan 30 na farko. Sai bidiyon ya kai sakan 60 kuma ya samu kallo 100 yake fitowa, kuma yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu, don haka kar ka ɗora da safe ka yanke hukunci da yamma. A wajen za ka ga layi mai nuna kason masu kallon da suka rage yayin da bidiyon ke tafiya, kuma kowane bidiyo layinsa yana sauka a farko, wannan ba abin tashin hankali ba ne, yanayin saukar za ka duba. In ya faɗo tsaye a 'yan sakan na farko to abin da taitil da hoto suka nuna ba shi mutum ya tarar ba. In yana ta zurarewa har zuwa 30 to gabatarwar ce ta yi tsawo, ka kunna wajen ka ji me kake faɗa a daidai inda ya fi gangarawa. In Intro ya yi kyau amma aka samu rami a minti 1 ko 2, ka yi alkawari ka tafi yawo ke nan. In kuma layin ya yi ƙasa sannan ya ɗago a kusa da ƙarshe, sau da yawa mutane ne ke jan bidiyon gaba suna neman amsar da ka ɓoye, wato "ku tsaya har ƙarshe" ɗin ba ta tsayar da su ba, hanya kawai ta nuna musu.

Ka ɗauki bidiyonka huɗu masu zuwa masu kusan tsayi ɗaya ka buɗe su da salon alkawari, sai ka jera Intro ɗinsu da na tsofaffin, da ɗaya kawai ba za ka gane ba don wani lokacin batun ne ya ja mutane ba farkon ba. In ka rubuta sakan 30 na wanda za ka fara da shi ka turo mu gani kafin ka kunna kamara, Allah ya sa albarka a kiwon.