Garmar fasa ƙasa ko shuka mai doguwar saiwa?

"Jama'a, na gwada gonata da fenetiromita, wato sandar auna taurin ƙasa, allurarta ta haura 300 psi na ƙarfin matsi a wasu wurare. Shin in ɗauko hayar garmar fasa ƙasa, ko in shuka ciyawa mai doguwar saiwa?"

Malam, adadin nan bai isa hujja ba sai an san ranar da aka auna, domin busasshiyar ƙasa tana nuna tauri ko da lafiyarta ƙalau. Ka jira kamar kwana ɗaya bayan ruwa ya jiƙa gonar sosai, ka tura sandar a hankali, wajen santimita 3 a daƙiƙa, ka rubuta zurfin da allurar ta haura 300 da wanda ta sauko, domin tsakaninsu ne dandaƙaƙƙen sashen yake. Ka maimaita a wurare da yawa, kan sawun tarakta da wajensa, sannan ka haƙa rami ka dubi saiwa: idan ta lanƙwashe tana tafiya a kwance, taurin na gaske ne.

A ce ka auna wuri 20, guda 7 suka haura, kuma yawancinsu a bakin gona inda tarakta take juyawa. Wannan bai kai rabi ba, don haka shuka za ka yi. A tawa gonar taurin yana tsakanin santimita 20 da 30, na shuka radish mai doguwar saiwa haɗe da ciyawar sudan. Da saiwar ta ruɓe sai ta bar ramuka kamar an soka yatsa, ruwan da ya saba kwanciya ya riƙa shigewa, kuma da na haƙa a shekara ta biyu na tarar da saiwar masara ta bi waɗannan ramuka ta sauka ƙasa. Abin lura shi ne allurar ba ta sauko sosai ba, saboda sandar tana tafiya a miƙe ne, saiwa kuwa tana neman kafa ta bi. Amma sai an yi haƙurin shekara biyu ko uku.

Garmar ina da ita, kuma tana da rana idan fiye da rabin awon ya haura 300, muddin haƙorinta ya sauka santimita 3 zuwa 5 ƙasa da taurin, ƙasar kuma ta bushe yadda za ta tsattsage. A jiƙaƙƙiyar ƙasa shafe ta kawai take yi, tana shan mai, kuma da tarakta mai nauyi ta sake bi sai taurin ya dawo.

Ka yi hattara da masu hayar garma da suke zuwa da na'urarsu su auna maka lokacin da ƙasa ta bushe, domin kowace gona za ta nuna ja, wato alamar tauri. Masu iri ma akwai mai sayar da tsoho, saboda haka ka jiƙa ƙwaya 100 a tsumma ka ƙirga waɗanda suka tsiro kafin ka biya.

Ka zaɓi shuka, sannan ka hana tarakta shiga gonar idan tana jiƙe.