Zaren ulu ko na auduga, in wanda aka rubuta ya yanke?

Mata na ta tambayata, tsarin rigar jariri ya ce zaren ulu, kasuwar Katsina kuma babu irinsa, shin auduga za ta maye?

Kauri dai a fara dubawa. Saƙa ɗan gwaji na santimita 10, ki wanke, ki ƙirga. In tsarin ya ce ɗauri 22 ke kuma kika samu 20, rigar za ta fi girma, sai ki rage kaurin allura. Ulun roba da ya cika kasuwa ya fi arha kuma yana komawa in an ja shi, auduga kuwa nauyi gare ta, tana zubowa, wuya da bakin hannu su saki. Amma wallahi a zafinmu ta fi daɗi a jikin yaro.

Mai saƙa hular hunturu ta ɗau ulun roba, mai son rigar bazara sakakkiya ta ɗau auduga.